Yadda ake tantance gem ɗin kyauta kafin ya kwashe wa uba kuɗi

Sana'ata gyaran waya da saita ta. Cikin masu kawo mini aiki akwai waɗanda wayarsu lafiya lau take, asusun bankinsu ne ke ciwo. Wata Hajiya da muke unguwa ɗaya ta taɓa shigowa shagona da hantsi, ko gaisawa ba mu gama ba ta miƙo mini waya. "Malam, duba mini, 'yan damfara sun shiga asusuna." Na duba saƙonnin banki: an cire kuɗi sau bakwai cikin kwana biyu, duk tsakanin Magariba da Isha'i. Na tambaye ta wa ke riƙe wayar a wannan lokacin. Ta yi shiru, can ta ce, "Autana ne. Ai gem kawai yake bugawa, kuma kyauta muka sauke shi."

Gaskiya ta faɗa, kyauta aka sauke shi. Irin wannan gem shiga ne kyauta, a ciki ake karɓar kuɗi. Abin da nake yi wa masu kawo mini irin wannan matsalar shi zan shimfiɗa a nan, bi da bi. Sayar da kaya a cikin gem ba laifi ba ne, masu gem ma abinci suke nema. Abin da nake aunawa guda ɗaya ne: yaya gem ɗin yake yi wa yaron da ya ƙi biya?

Kayan aiki

Kana buƙatar wayar da yaron ke wasa da ita, da lambar sirrin asusun Google ko na Apple da ke kanta. Ba lambar buɗe waya ba, ta asusun. Idan ka manta ta, ka fara dawo da ita kafin komai, domin duk makullin da za mu sa a kanta ya dogara. Sai data, da biro da takarda, da kamar awa ɗaya da babu mai kiranka. Na ƙarshe shi ne yaron da kansa. Kada ka yi aikin a bayan idonsa. Ya fi ka sanin lungunan gem ɗin, kuma in ka kira shi a matsayin mai nuna maka hanya, zai faɗa maka abin da ba zai faɗa ba in tuhuma ce.

1. Kulle ƙofar kuɗi tukuna

Kafin ka duba kowane gem, toshe hanyar da kuɗi ke fita. A wayar Android, buɗe `Play Store`, danna hotonka da ke sama, ka shiga `Payments & subscriptions`, sai `Payment methods`. Duk abin da ka gani a nan ana iya biya da shi. Mafi yawan iyaye sun sa katin banki sau ɗaya ne don wata buƙata, suka manta. In ba ka da dalilin barinsa, cire shi.

In dole ne katin ya zauna, nemi inda aka rubuta `Purchase verification`. A tsofaffin wayoyi yana cikin `Settings` da sunan `Require authentication for purchases`. Zaɓi wanda zai riƙa tambayar lambar sirri a kowane ciniki. Akwai zaɓin da ke cewa duk minti 30, ka guje shi. Ma'anarsa in ka sa lambar ka saya wa yaro abu ɗaya, ƙofa a buɗe take har rabin awa. Irin wannan gibin ya taɓa ja wa manyan kamfanonin hukunci: a 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya amince da mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla dala miliyan 19, kan sayayyar da yara suka yi ba da izini ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne na yatsa. Uba ya sa zanen yatsan yaro a waya don ya daina damunsa da "Abba buɗe mini", alhali an saita tabbatar da ciniki da yatsa. Waya ba ta bambance yatsan mai kuɗi da na yaro. Ko ka cire yatsansa, ko ka kashe tabbatarwa da yatsa a `Play Store`. A wayar Hajiya abin da ya faru ke nan.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne `Budget & history`. Za ka iya rubuta adadin da kake so a kashe a wata, amma lissafi kawai yake nuna maka, ba ya hana ciniki in an wuce.

A iPhone hanyar ita ce `Settings`, `Screen Time`, `Content & Privacy Restrictions`, `iTunes & App Store Purchases`, sai ka mayar da `In-app Purchases` zuwa `Don't Allow`. Ka sa wa `Screen Time` lambarsa daban wadda yaron bai sani ba.

Idan yaron na da wayarsa, ya fi kyau ka buɗe masa asusun yara ta manhajar `Family Link`, ka saita amincewar sayayya a kan `All content`. Daga nan ko gem na kyauta zai sauke sai saƙo ya zo wayarka ka amince. Masu iPhone suna da makamancinsa, `Ask to Buy`.

2. Karanta shafin gem kafin a sauke

Wannan minti biyar ne. A ƙarƙashin sunan gem za ka ga ƙaramin rubutu: `Contains ads` na nufin akwai talla, `In-app purchases` na nufin ana ciniki a ciki. Shiga `About this game` ka gangara ƙasa, za ka ga farashi mafi ƙanƙanta da mafi girma na abu guda. Na saman nake fara dubawa. Gem ɗin da aka cika da launuka da 'yan dabbobi don ƙananan yara, amma abu ɗaya a cikinsa ya kai kuɗin buhun shinkafa, na san ba da yaran aka yi lissafi ba, da katin iyayensu aka yi.

Duba kuma alamar shekaru. Wani lokaci a gefenta akwai `Includes Random Items` ko `Includes paid random items`. Hukumomin tantance gem na Amurka da Turai sun fara amfani da wannan gargaɗin a 2020, ma'anarsa ana sayar da abin da ba ka san me zai fito ba sai ka biya. Za mu dawo kansa. Rashin ganin rubutun ba ya wanke gem, ba kowane ke ɗauke da shi ba.

Daga nan ka buɗe ra'ayoyin jama'a, ka tsallake masu tauraro biyar ka karanta masu ɗaya da biyu, na kwanan nan. In ka ga ana ta maimaita `pay to win`, suna nufin mai kuɗi ne ke cin wasa.

3. Ka buga shi da hannunka, ka ƙi biya

Nan ne ainihin aikin, kuma shi iyaye suka fi tsallakewa. Sauke gem ɗin, ka zauna da takardarka. Duk sanda allo ya nuna maka wani abin saye ba ka nema ba, ja layi ɗaya. Ka kuma lura da lokacin da tayin ke zuwa, domin ba a kan banza ake zaɓarsa ba.

Da farko komai zai zo da sauƙi. Za a ba ka lu'ulu'u kyauta, a ce ka danna nan ka kashe shi don gini ya ƙare nan take. Koya maka kashewa ake yi, da kuɗin da ba naka ba. Bayan wasu matakai sai wasan ya yi tsauri, kyautar ta ƙare, hannu kuwa ya riga ya saba. Saboda haka gwajin rana ɗaya bai isa ba. In da hali ka maimaita shi minti ashirin-ashirin har kwana uku, ko ka karɓi na yaron da ya riga ya yi nisa ka buga daga inda ya tsaya.

Ɗauki Candy Crush Saga, wanda manya ma ke bugawa. Rai biyar ake ba ka, in ka faɗi a mataki ɗaya ya tafi, kowane rai kuma sai bayan minti 30 yake dawowa. Sa'ad da motsinka ya ƙare saura kaɗan ka ci, a daidai nan ake maka tayin ƙarin motsi. Babba ma yakan ji zafin a ce saura ƙiris ya bari, balle yaro ɗan shekara tara. A wasu gem ɗin agogo ne: ginin da ke ɗaukar minti ɗaya a farko, a gaba sai ya koma kwanaki, sai dai in ka biya. Wahalar da gangan aka sa ta don a sayar maka da maganinta.

Sai kuma tayi mai ƙidayar lokaci: garaɓasa saura awa biyu, kaya kaza ba za su sake dawowa ba. Ka bar agogon ya ƙare ka gani. Sau da yawa washegari wani tayin ne zai maye gurbinsa. Na kan sa yaron ya ga wannan da idonsa, ya fi wa'azin awa guda tasiri.

Ka lura da maɓallan ma. In na saye ƙato ne mai haske, na rufewa kuma ɗan ƙaramin gicciye a kusurwa da ke bayyana bayan daƙiƙoƙi, ka rubuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka caje su ta hanyar tsarin maɓallai masu rikitarwa, inda danna maɓalli guda ke iya zama ciniki.

A ƙarshen gwajin ka amsa wa kanka: da na ƙi biya, wasa ya ci gaba da daɗi, ko tsayawa ya yi? Hukuncina a nan ba shi da wuya. In abin da ake sayarwa ado ne kawai, riga ko fentin mota, ina iya haƙuri da shi. In ƙarfi ake sayarwa, ɗan wasan da ya fi gudu ko makamin da ya fi kisa, yaron da bai biya ba abincin wanda ya biya ne, kuma kullum zai zo maka da kuka.

Amma ado ma yana da nasa ƙarfin. A gem ɗin da ake bugawa da abokai, kamar Free Fire ko Call of Duty Mobile, yaron da ke sanye da kayan farko kowa ya san bai taɓa saye ba, kuma ana masa tsiya a makaranta. Ka tambaye shi wa ke da me a cikin abokansa. Amsar za ta nuna maka inda matsin yake fitowa.

4. Mayar da kuɗin gem zuwa naira

Kusan babu gem ɗin da ke rubuta farashin kaya da naira. Sai ka fara sayen kuɗinsu: `UC` a PUBG Mobile, `CP` a Call of Duty Mobile, `Diamonds` a Free Fire, `Robux` a Roblox. Da zarar naira ta rikiɗa ta koma lu'ulu'u, yaro ba ya jin yana kashe komai.

Buɗe shagon cikin gem ɗin, ɗauki ƙunshi mafi ƙanƙanta, ka raba farashinsa da yawan abin da ke ciki. A ce lu'ulu'u 100 naira 1,500 ne, kowane ɗaya naira 15 ke nan. Rubuta wannan a saman takarda. Yanzu ka ce wa yaron ya nuna maka abin da ya fi so. A ce farashinsa lu'ulu'u 120. A lissafi naira 1,800 ne, amma babu ƙunshin 120. Dole ka sayi na 100 sau biyu, naira 3,000, ragowar 80 su zauna a asusu. Tamanin ɗin ba su isa sayen abin kirki ba, kuma ba a mayar da su naira. Aikinsu su riƙa kiran yaro: ƙaro kaɗan kada su yi asara. Kamar mai shagon da kullum ba shi da canji ne, sai ya ce ka bari sai gobe ka cika ka ɗauki wani abu.

Lambobin nan misali ne na bayar, ka yi naka da farashin da ke allonka.

5. Nemi akwatin sa'a

In gem na da akwati, ko ƙwai, ko fakitin 'yan ƙwallo, ko wata dabaran da ake juyawa, wanda ake biya ba a san abin da zai fito ba, nan zan so ka daɗe. Tun ƙarshen 2017 Apple ya wajabta wa masu gem bayyana yiwuwar samun kowane kaya, Google ya bi sahu a 2019. Saboda haka lambar tana nan, sai dai an ɓoye ta bayan wani ɗan ƙaramin `i` ko `?` ko `Details`. Danna shi.

A ce ka ga kayan da yaron ke so yiwuwarsa kashi 1 cikin 100 ce, kowane juyi kuma lu'ulu'u 20, wato naira 300 a lissafinmu na ɗazu. Yaro zai ce maka in ya juya sau ɗari dole ya samu. Ba haka ba ne. Kowane juyi sabo ne, bai san na baya ba. Cikin yara 100 da kowannensu ya juya sau ɗari, ya kashe naira 30,000, kimanin 37 za su tashi hannu rabbana. Kuma wanda ya riga ya zuba dubu ashirin shi ya fi wuyar tsayawa, don gani yake ya kusa.

Wasu gem suna sa iyaka, su ce bayan juyi kaza tabbas za ka samu. Ka lissafa kuɗin iyakar, shi ne farashin da ya kamata ka shirya wa. A Genshin Impact yiwuwar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 0.6 cikin 100 ce a juyi na yau da kullum, ana ba da tabbaci zuwa juyi na 90, kowane juyi kuma yana cin 160 na kuɗin gem ɗin, `Primogems`. In sa'a ta ƙi, 14,400 ke nan. Kuma ko ya fito, rabi-da-rabi ne ya zama wanda ake tallatawa, in ba shi ba sai an sake wani zagayen, jimla har juyi 180. A Janairun 2025 kamfanin da ke rarraba gem ɗin ya amince ya biya dala miliyan 20 a Amurka, ya kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin waɗannan akwatuna ba da izinin iyaye ba. Beljiyam kuwa tun 2018 hukumarta ta ce akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokarta.

Ni dai a gidana ba na jiran wata hukuma. Ka ba da kuɗi, a juya, ko ka samu ko ka rasa: mun san sunan wannan tun muna yara. Gem ɗin da akwatin sa'a ne hanyar samun ƙarfi a cikinsa ba ya zama a wayar 'ya'yana.

6. Yanke hukunci, a gaban yaron

Yanzu takardarka ta cika. Gem ɗin da nake bari shi ne wanda wasa ke tafiya ko ba a biya ba, ana ganin abin da za a saya kafin a biya, kuma tayi ba ya faɗo wa yaro a tsakiyar wasa. Wanda ake saye sau ɗaya a gama yakan fi na kyauta araha in aka yi lissafin shekara, sai dai shi ma ka duba ko yana da `In-app purchases`. Akwai kuma na kyauta na gaskiya: Khan Academy Kids na ƙananan yara ba talla ba ciniki, haka Lichess ga mai son dara irin ta Turawa. A sashen `Kids` na `Play Store` akwai masu alamar `Teacher approved`, wuri ne mai kyau na fara nema, amma wasunsu ma suna ciniki.

Tikitin kaka, wanda ake kira `Battle Pass` ko `Royale Pass`, yana tsaka-tsaki. Farashinsa sananne ne, an kuma jera abin da za a samu, ta wannan fuskar ya fi akwati adalci. Illarsa a lokaci take: ladar ba ta fitowa sai an yi ta bugawa kafin kakar ta ƙare, sai yaro ya koma kamar ɗan ƙwadago, ga jarrabawa ga aikin gem na yau. In za ka saya, ka bari sai hutu.

Idan ka yarda a riƙa kashe wani abu, ka faɗi adadin da naira, na wata guda, kuma kai za ka danna da hannunka. Wanda ba ya so katinsa na albashi ya kusanci waya zai iya ware wani kati daban da ba a ajiye komai a cikinsa sai wannan adadin. Ga ƙaramin yaro kuma akwai hanya mafi sauƙi: gem ɗin da ke aiki ba data, ka sa wayar a `Airplane mode` ka miƙa masa. Ba talla, ba shago.

7. Ƙofar baya

Duk makullin da muka sa bai shafi masu sayar da lu'ulu'u ta WhatsApp da sauran shafuka ba. Yaro ya ba su lambar shaidarsa ta gem, ya tura kuɗi ta manhajar banki ko ta wurin mai POS, su zuba masa. Saboda haka lambar manhajar bankinka kada ta zama ɗaya da ta buɗe waya, kuma kada ka riƙa danna ta yaro na leƙe. In ka ga sababbin kaya a jikin ɗan wasansa alhali ba ka saya ba, ka tambaya cikin ruwan sanyi. Ka kuma gaya masa ƙarara: duk wanda ya ce zai ba shi lu'ulu'u kyauta in ya turo lambar sirri, ko lambar da ta shigo ta saƙo, ɓarawo ne.

8. In an riga an cire kuɗin

Yi sauri. A Android, tarihin sayayya na cikin `Budget & history`, ka ɗauki hoton kowane ciniki, ka nemi mayarwa ta shafin taimakon Google Play, ka faɗi gaskiya cewa yaro ne ya saya ba da izini ba. Cikin awa 48 na farko an fi samun nasara, bayan nan sau da yawa wurin masu gem ɗin za a tura ka. Masu iPhone su shiga `reportaproblem.apple.com`. Babu tabbacin za a mayar, kuma kada yaron ya ci gaba da kashe abin da aka saya yayin da kake nema. Kada kuma ka garzaya banki ka ce sata aka yi: in banki ya janyo kuɗin da ƙarfi, ana iya rufe asusun gem ɗin gaba ɗaya.

Kafin ka ajiye wayar, leƙa `Subscriptions`. Goge gem daga waya ba ya tsayar da biyan mako-mako ko wata-wata, sai ka shiga nan ka danna `Cancel subscription`. A wayar Hajiya a nan muka tarar da na takwas, wani biyan mako-mako da bai kai ga sake cira ba, muka soke shi. Cikin ciniki bakwai ɗin an mayar mata da kuɗin guda huɗu. Autan yana tsaye a bakin shago yana wasa da gefen rigarsa, na ba shi biro na ce ya lissafa da kansa nawa ukun da suka rage suka kama. Ya rubuta, ya kalli lambar, ya ce, "Kawu, wallahi na ɗauka lu'ulu'un gem ne kawai."